Jarka ba ta da laifi, rashin awo ne ke karya bayan samarin Tawa

Duk wanda ya zaga unguwannin Tawa da sassafe ko bayan La'asar zai ga samari suna ɗaga ƙarfe a ƙofar gida, a kango ko a gefen filin ƙwallo. Sai dai mafi yawan abin da ake kira ƙarfen ba ƙarfe ba ne. Jarka ce ruwan ɗorawa ta man girki, wadda wasu ke kira bido, an ɗura mata rairayi, ko kuma gwangwanayen madara biyu da aka cika da siminti aka soka musu bututu a tsakiya. Haka abin yake a garuruwan Adar irin su Keita da Barmu da Tabalak, inda ɗakin motsa jiki na zamani ya yi nisa, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu.

Wannan ba abin kunya ba ne. Tsoka ba ta san bambancin kilo 20 na ƙarfen Turai da kilo 20 na ruwan rijiya ba. Garin da ya karɓi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a shekarar 1975, garin da ke da filin kokawa na Hamidine Maïdaré, ba sai an koya masa son ƙarfi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce ya kamata baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma ba ta ce sai da injin ba.

Matsalar tana wani wuri dabam. Ƙarfen ɗakin motsa jiki yana ɗauke da lamba a jikinsa, jarka kuwa ba ta da ita. Saurayin da ya cika jarka da rairayi bai san nauyin da yake ɗauka ba, kuma ba shi da hanyar ƙara nauyin kaɗan-kaɗan. A nan ne ciwon baya da na kafaɗa ke shigowa. Don haka gyaran da ya fi kowane muhimmanci shi ne a mayar da jarka abin awo: ruwa a jarka, rairayi a buhu, kuma kowane ƙari a lissafe.

Lissafin da ba a yi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 cike da ruwa tana da kilo 25, sai nauyin robar kanta da bai wuce kilo ɗaya da wani abu ba. Busasshen rairayi kuwa, wanda a Najeriya aka fi sani da yashi, lita ɗaya tasa ta kai kusan kilo 1.6. Ke nan wannan jarkar dai, idan aka cika ta da rairayi, ta zama kilo 40. Idan aka bar ta a buɗe ruwan sama ya shiga, ko aka zuba mata ruwa da gangan don rairayin ya zauna, ruwan yana cike gurabun da ke tsakanin ƙwayoyin rairayin, nauyin ya doshi kilo 50, wato buhun siminti guda.

A ɗauki misalin saurayi mai nauyin kilo 60 wanda ya saba ɗebo wa gidansu ruwa. Ya san nauyin jarkar ruwa a hannunsa, don haka yana ganin jarka jarka ce. Ranar da ya cika biyu da rairayi ya sunkuya ya ɗauka, kilo 80 ya ɗauka, fiye da nauyin jikinsa da kilo 20. Ya yi tsalle daga kilo 50 da ya saba da su zuwa 80 a rana ɗaya, ƙarin kashi 60 cikin ɗari. Masu horar da 'yan wasa kuwa ba sa son ƙari ya wuce kashi 10 cikin ɗari a lokaci guda, sau da yawa ma ƙasa da haka suke ƙarawa.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin jiki. Tsoka tana saurin yin ƙarfi, cikin 'yan makonni mutum zai ji ya canza. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da mahaɗan gwiwa da kafaɗa, sun fi jinkirin sabawa, watanni suke ɗauka. Saboda haka saurayi yana iya ɗaga abin da jijiyarsa ba ta shirya masa ba, ya ɗaga yau, ya ɗaga gobe, sai a mako na uku gwiwar hannu ko ƙugu ya fara magana.

Ita ma jarkar tana da iyakarta. An ƙera mariƙinta ne don man girki, wanda bai kai ruwa nauyi ba, lita 25 ɗinsa kusan kilo 23 ne. Idan aka ɗora mata kilo 40 ko 50, an kusan ninka mata aikin da aka yi ta dominsa. Ranar Tawa kuma tana cin roba: jarkar da ta shekara a tsakar gida launinta yana koɗewa, jikinta ya bushe ya fara fasa. Alamar ita ce farin layi ko ƙaramar tsaga a gindin mariƙi. Idan mariƙi ya ɓalle ana tsakiyar ɗagawa, ko dai jarkar ta sauka a kan ƙafar da ke cikin silifa, ko kuma nauyin ya koma gefe ɗaya a bazata ya murɗe ƙugu. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshin gona kuwa ba ta da wuri a wannan aiki ko kaɗan, domin abin da ya rage a cikinta yana bin ruwan ya taɓa fata, kuma a gidan da ake ƙarancin ruwa wata rana wani zai sha.

Yadda aikin yake idan an auna

A koma ga saurayin nan mai kilo 60. Abin da yake buƙata shi ne jarkoki biyu iri ɗaya masu lafiyayyen mariƙi da murfin da ke rufuwa gam, da gwangwani ko kwalba mai lita ɗaya, da abin rubutu. Yana zuba ruwa lita-lita, yana jan layi a jikin jarka, yana rubuta lamba. Cikin rabin sa'a ya mallaki abin da 'yan ɗakin motsa jiki ke biyan kuɗi a kansa: nauyi daga kilo 1 zuwa 25 a kowane hannu. Wanda ba shi da abin awo, ledar ruwan sha mai rabin lita ta isa, biyu daga cikinta kilo ɗaya ne.

Ya fara da lita 10 a kowace jarka, da motsi uku kacal. Na farko, ɗagowa daga ƙasa. Jarkokin suna gefen ƙafafuwansa, a kan bulo guda-guda don kada ya sunkuya da yawa. Ya tura ƙugu baya, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, ya tamke ciki, ya miƙe tsaye da ƙarfin cinya da ƙugu. Na biyu, tsugunawa da jarka ɗaya a rungume a ƙirji, dugadugai a ƙasa, gwiwoyi suna bin inda yatsun ƙafa suka fuskanta. Na uku, tafiya da jarkokin biyu, taku 30 zuwa 40, kafaɗu a daidai, ba gudu. Na farko da na biyu ya yi sau 8 zuwa 12, ya huta minti biyu, ya maimaita har zagaye uku. Kwana biyu ko uku a mako, da ranar hutu a tsakani.

Abu ɗaya ne ya haɗa motsin nan uku: kaya yana manne da jiki. Kowa ya san buhun gero a rungume ya fi sauƙi a kan buhun da aka miƙa hannu da shi. Duk tazarar da aka ƙara tsakanin kaya da jiki, ƙashin baya ne ke biyan ta. Shi ya sa ɗauko jarka daga gaba, da gantsararren baya ko ƙusumbi, sannan a juya da ita gefe, ya fi kowane motsi saurin kawo ciwo.

Ƙa'idar ƙari kuma mai sauƙi ce. Idan ya yi sau 12 a dukkan zagaye uku, a horo biyu a jere, kuma yana jin da sauran biyu ko uku a jikinsa, sai ya ƙara lita ɗaya a kowace jarka. Daga 10 zuwa 11 ƙarin kashi 10 cikin ɗari ne, daga 20 zuwa 21 kuwa kashi 5 ne kawai, don haka ƙarin yana yin sauƙi daidai lokacin da nauyin ke yin tsanani. Idan komai ya tafi daidai yana ƙara lita ɗaya a mako, cikin mako 15 jarkokin sun cika. Idan ya ga bayansa ya fara lanƙwasa a na takwas, ko yana fizgar jarka maimakon ɗaga ta, alama ce ƙarin ya yi wuri, sai ya zubar da lita biyu a gindin bishiya ya ci gaba. Babu jarkar rairayin da ke ba mutum wannan damar.

Akwai abu guda da ya kamata a sani game da jarkar da ba ta cika ba: ruwan yana kai-komo a ciki. A tafiya a hankali wannan ba laifi, yana ma sa tsokar ciki ta yi aiki. Amma wajen ɗaga kaya sama da kai, kai-komon na iya fizge kafaɗa. Don haka duk motsin da ya wuce kafaɗa a yi shi da ƙaramin galan mai lita 4 ko 5 wanda aka cika taf.

Rairayi a buhu, siminti da hattara

Idan jarkokin ruwa sun yi wa mutum kaɗan, lokacin rairayi ya yi, amma ba a cikin jarka ba. A auna busasshen rairayi lita uku, wanda ya kai kusan kilo 5, a zuba a leda mai kauri ninki biyu, a ɗaure da robar tsohon tib na babur. A yi irin wannan ƙulli shida ko takwas, a riƙa jefa su cikin buhun shinkafa ninki biyu. Ƙulli shida kilo 30 ne, bakwai 35. A tankaɗe rairayin tukuna, domin ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce, tsakuwa mai kaifi tana huda leda tana kuma ƙuje ƙirji. Buhu ba shi da mariƙin da zai ɓalle, idan ya suɓuce ya faɗa a kan ƙafa ba ya karya ƙashi kamar siminti, kuma rungumarsa da ɗaga shi ya fi kama da abin da ɗan kokawa ke yi da abokin karawarsa. Mai son tabbatarwa ya kai ƙulli ɗaya wurin mai sikeli a kasuwa.

Gwangwanin siminti shi ne abin da samari suka fi alfahari da shi, domin shi ya fi kama da abin da suke gani a waya. Shi ne kuma ya fi haɗari. Kankare yana da kusan kilo 2.3 a kowace lita, don haka idan gwangwani ɗaya ya gaza ɗan'uwansa da rabin lita, bambancin ya haura kilo ɗaya. Mai ɗagawa ba ya lura, amma kafaɗa ɗaya tana biyan bashin a kowane ɗagawa. Gwajin ba wuya: a rataye bututun da igiya daidai tsakiyarsa, idan ya rinjaya gefe, ba a yi shi daidai ba. Na biyu, siminti yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da magina ke lissafi da shi. Wanda aka zuba aka bari a rana, aka fara ɗagawa bayan kwana biyu, yana tsagewa. Idan kuma ba a huda bututun an gitta ƙusoshi ko guntun rodi a cikin simintin ba, wata rana gwangwanin zai zame.

Babban haɗarin shi ne kwanciya a benci ana tura wannan nauyi daga ƙirji ba kowa a kusa. A ɗakin motsa jiki, wanda ƙarfe ya danne yana iya karkatar da shi fayafayan su zame idan ba a ɗaure su ba. Siminti kuwa a like yake, idan hannu ya gaza sai ya zauna a ƙirji ko ya gangaro wuya. Wanda ya nace sai ya yi, to da mutum a tsaye a kansa. Wanda yake shi kaɗai, tura ƙasa da hannu da ƙullin rairayi a jakar baya ya wadatar da shi.

Masu cewa iyaye ba su auna ba

Akwai masu ganin duk wannan lissafi tsoro ne. Suna cewa 'yan kokawar da ba su san kilo ba, matan karkara kuma kullum suna ɗauke da jarka daga rijiya, mutanen Keita sun jido duwatsu da hannu sun gina shingayen tare ƙasa tun daga shekarun 1980, ba wanda ya rubuta lamba a jikin dutse. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta abu biyu.

Na farko, waɗannan mutane sun yi ƙarin kaɗan-kaɗan ba tare da sun kira shi da suna ba. Yarinya da ƙaramin galan take farawa kafin ta kai ga tulu. Ɗan kokawa da sa'anninsa yake farawa a dandali, shekara da shekaru, ga noma ga kiwo. Ɗalibin da ya yini a aji, ko ɗan kabu-kabun da ya yini a kan babur, ba shi da wannan tarihi a jikinsa, yana so ya biya bashin shekara goma a wata guda. Na biyu, aikin ƙarfin da aka yi bisa tilas yana barin tabo. Duk gidan Adar ya san dattijo ko dattijuwar da ciwon baya da na wuya ya zaunar. Wanda yake ɗaga nauyi bisa zaɓi yana da 'yancin da su ba su samu ba, 'yancin ajiyewa.

Zafi, ƙwaya da alamun tsayawa

A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yana haura digiri 40. Aiki mai tsanani a irin wannan zafi, ga ƙarancin ruwa a jiki, musamman ga sabon shiga da ya yi ɗaruruwan ɗagawa don gasa da abokai, yana iya sa tsoka ta farfashe, abin da ke cikinta ya shiga jini ya toshe ƙoda. Alamarsa ita ce fitsari ya koma launin baƙin shayi, tare da ciwon tsoka mai tsanani da kumburi da kasala. Wannan ba na jiƙo ba ne, na asibiti ne a ranar. Rigakafinsa kuwa horo bayan Asuba ko bayan rana ta faɗi, da shan ruwa kafin a fara da kuma lokacin hutu. A watan azumi a bari sai bayan buɗa-baki.

Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku bayan horo abu ne da aka saba, yana raguwa idan an motsa. Wanda ba a saba ba shi ne ciwo mai kaifi a wuri guda, ko ciwon da ke gangarowa daga ƙugu zuwa ƙafa da sagewa. Idan aka haɗa da rashin ƙarfin ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a garzaya asibiti. Haka nan kumburi a matsematsi da ke fitowa idan an yi nishi, alamar ƙaba ce, a daina ɗagawa har likita ya duba. Idan kumburin ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, to gaggawa ce ta tiyata. Mai hawan jini kuma ya fara da awon jini, kuma kowa ya guji danne numfashi na tsawon lokaci yana nishi, a fitar da iska yayin miƙewa.

Duk waɗannan alamu suna amfani ne ga wanda yake jin jikinsa. Tiramol, da wasu ke haɗiya don su ƙara juriya, ba ya ƙara wa tsoka komai. Abin da yake yi shi ne kashe ƙararrawa, jijiya tana yagewa mutum yana ci gaba, ban da jaraba da farfaɗiyar da yawansa ke jawowa.

Rabon 'yan ci-rani da na manya

Adarawa mutanen tafiya ne. Da yawa daga masu karanta wannan suna Abijan ko Libiya ko Aljeriya, kuma hotunansu na ɗakin motsa jiki na cikin abin da ke tunzura ƙannensu a gida. Idan ƙane ya roƙi a aiko masa da garin gina tsoka, abin da ya fi masa amfani shi ne ƙaramin sikelin rataye da takalmi mai rufe yatsu. Wake da fura da nono da ƙwai suna nan a gida. Su kansu 'yan ci-ranin da ke aikin gini su tuna cewa wanda ya yini yana jidar buhun siminti ya riga ya yi horon bayansa, bai kamata ya ƙara masa jarka da dare ba. Baya shi ne jarin ɗan ci-rani, wata biyu a kwance yana nufin wata biyu babu aike.

Su ma masu horar da 'yan kokawa da malaman motsa jiki na makarantu da shugabannin fada suna da abin yi wanda ba ya cin ko dala: kada a ɗaga komai a wurinsu sai an rubuta nauyinsa a jikinsa, a duba mariƙin jarka kafin a fara, a jefar da wadda ta tsage, kuma sabon shiga ya fara da lita 10 ko da ya rantse zai iya 25. Saurayin da ya bi wannan hanya zai kai ga kilo 40 ɗin da yake marmari cikin watanni, kuma zai kai da bayan da zai iya noman bana da shi.